Neman izinin hutun rashin lafiya, safiyar Talata

Sani, ƙarfe 6:35 na safe

Assalamu alaikum. Yallaɓai barka da asuba. Sani ne na sito. Na kwana da zazzaɓi, yau Talata ba zan samu fitowa aiki ba, ina neman izinin hutun rashin lafiya. Yanzu zan wuce Asibitin Murtala ganin likita. In na fito zan sanar da kai ranar da zan dawo, in sha Allahu kafin azahar.

Makullin sito yana hannun ƙanena, zai kai wa Malam Idi a bakin get kafin ƙarfe 8. Motar riɗi daga Dawanau za ta iso Sharaɗa wajen ƙarfe 11, buhu 240 ne. Na yi magana da Malam Idi, ya amince zai tsaya a sauke a gabansa. Takardar kayan tana durowar sama ta teburina. Abin da ya rage shi ne lissafin makon jiya da ka ce in miƙa yau, saura kaɗan in gama. Don Allah a ɗaga mini zuwa ranar da na dawo.

Wayata a kunne take. In an kira ban ɗauka ba, ina wajen likita, a bar mini saƙo. Na gode.

Malam Bashir, ƙarfe 6:52

Wa alaikumus salam. Sannu Sani, Allah ya sawwaƙe. An ba ka izini, je ka nemi lafiya. Lissafin zai jira. Ka tabbata ka karɓo takardar likita mai sa hannu da hatimi, don kwana 12 da dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci a shekara da albashinsa, sai da shaidar likita ake lissafa su. Hoton sakamakon gwaji ko na magunguna kuwa ba sai ka turo ba, wannan tsakaninka da likitanka ne. Ni zan sanar da ofishin ma'aikata, ba sai ka rubuta a guruf ba.

Sani, ƙarfe 12:50 na rana

Yallaɓai barka da aiki. Na ga likita, ya ba ni hutun kwana 2, yau da gobe Laraba. In Allah ya yarda ranar Alhamis da safe ina ofis, zan taho da takardar, lissafin kuma zai zo teburinka kafin a tashi.

Malam Bashir, ƙarfe 1:05

To madalla. An sauke kaya, buhu 240 cif. Makullin zai zauna wajen Idi har Alhamis. Ka sha magani a kan lokaci, ka kwanta ka huta. In zuwa daren Laraba jikin bai saki ba, ka turo saƙo tun da dare, kada ka bari sai da safe. Allah ya ƙara sauƙi, a gaida mutan gida.