Layin Ƙasa

Zuwaira ta gano abin da ya faru da ƙarfe takwas da kwata na safiyar Litinin, ranar 18 ga watan azumi, tun kafin kowa ya iso ofis. Ɗaliba ce a jami'a, tana cikin wata na uku daga cikin watanni shida na sanin makamar aiki a wani ƙaramin kamfanin tallace-tallace da ke saman bene a titin Gidan Zoo a Kano, kuma aikinta na kowace Litinin shi ne ta buɗe Ads Manager, shafin da ake tsara tallar intanet a cikinsa, ta kwafe abin da tallar kowane ɗan kasuwa ta ci a ƙarshen mako.

Tallar Hajiya Balaraba, mai shagon atamfa da leshi a Kantin Kwari, an tsara ta ne a kan naira 20,000 kowace rana har kwana 15, domin naira 300,000 Hajiya ta ajiye, ta kuma ja kunne cewa kuɗin su kai jajiberin Sallah. Amma a gurbin da aka rubuta Daily budget, wato kasafin yini, abin da Zuwaira ta gani shi ne 40,000. Ta ɗaga ido zuwa layin da ke sama, tallar wani Alhaji mai sayar da shadda, ta tarar da ita a kan 20,000, kamar yadda take tun makon jiya.

Nan take ranar Juma'a ta dawo mata. Nasiru, wanda ke kula da tallace-tallacen biyu, yana naɗe hannun riga zai tafi alwala ya ce mata Alhaji mai shadda ya turo ƙarin kuɗi, ta ninka masa kasafin yini kafin a tashi. Sunayen biyu suna jere, SALLAH_SHADDA a sama, SALLAH_ATAMFA a ƙasa, ga ƙishirwar azumi, ga wayarta tana ta ruri saboda mai adaidaita sahun da zai kai ta gida yana jira a ƙasa. Ta danna layin ƙasa, ta rubuta adadin, ta latsa Publish, ta rufe kwamfutar.

Ta ɗauko takarda ta yi lissafi da biro, domin ba ta yarda da idonta ba. Daga azahar ɗin Juma'a zuwa wannan safiya tallar ta ci ƙarin naira 56,000 a kan abin da aka tsara, kuma idan aka ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ake cira a kan kuɗin talla, ya zama naira 60,200. Alawus ɗin motar da kamfanin ke ba ta naira 30,000 ne a wata. Ta yi fatan ko yawan masu saye zai rufe ɓarnar, amma saƙonnin da suka shiga wayar shagon Hajiya ba su ninka ba, ƙaruwa kaɗan suka yi, kowane saƙo ya ƙara tsada, saboda mutanen da suka riga suka ga tallar su aka riƙa sake nuna wa.

Daga nan ta buɗe shafin da ke adana tarihin duk wani canji da aka yi. Ga ranar, ga lokacin, 1:12 na rana, ga tsohon adadi da sabo, ga kuma sunan wanda ya canza: Nasiru. Ita ba a buɗe mata izinin taɓa kuɗi ba, da kwamfutarsa ta yi aikin.

Ta jima zaune hannunta a kan tebur. Idan ta mayar da adadin 20,000 ta ja bakinta, babu abin da zai nuna ta. Nasiru mutum ne mai mantuwa, yana riƙe da tallar 'yan kasuwa tara, kuma ta san da za a nuna masa sunansa a shafin, zai dafe kai ya ce ƙila shi ne. Ta san kuma a watan jiya an riga an yi masa gargaɗi a kan wata talla da ya bari ta wuce ranar ƙarewarta, ga bikinsa an sa bayan Sallah.

Da Malam Kabiru, mai kamfanin, ya hau benen da ƙarfe tara saura, bai kai ga ajiye jakarsa ba ya same ta tsaye a bakin ƙofar ofishinsa da takarda a hannu. Ta rusuna ta gaishe shi, ta yi masa barka da shan ruwa, sannan ta ce, "Yallaɓai, na yi kuskure a tallar Hajiya Balaraba ranar Juma'a. Na ninka kasafinta maimakon na Alhaji mai shadda. Sunan Malam Nasiru za ku gani a tarihin, amma ni ce na danna, shi yana masallaci."

Ya karɓi takardar ya karanta a tsaye. Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi mata nauyi.

"Kin gyara?"

"Ban taɓa komai ba, Yallaɓai. Na ji tsoron in gyara in sake ɓata wani abu."

Ya zauna ya mayar da adadin da hannunsa, yana gaya mata, ba tare da ya dube ta ba, cewa babban canji irin wannan yakan sa tallar ta koma neman masu saye daga farko, don haka kwana biyu ko uku masu zuwa ma ba za su yi daɗi ba. Ya ɗaga tallar shadda zuwa 40,000, ya ce wannan kuma asarar Asabar da Lahadi ce, ranakun da maza suka fi sayen yadi domin su samu layin tela.

Nasiru ya shigo ana cikin haka. Da ya ji labarin sai ya buɗe baki zai yi magana, Malam Kabiru ya ɗaga masa hannu. "Kai kuma za mu zauna a kan bai wa ɗaliba kwamfutarka a buɗe," in ji shi. "Ni ma da laifina, tunda ban sa wa asusun iyakar kashe kuɗi ba."

Ya tura wa Zuwaira wayar ofis. "Kira Hajiya. Ina nan zaune, amma ke za ki faɗa mata."

Hajiya ta ɗauka a kira na biyu, hayaniyar Kwari tana tashi a bayanta. Zuwaira ta gaishe ta, ta faɗi sunanta, ta bayyana abin da ya faru da adadin kuɗin, ba ta rage ko naira ɗaya ba. Hajiya ta yi salati, ta yi faɗa mai yawa, ta ce ita ba a bishiya take tsinko kuɗi ba, kuma ba ta ba su amanar dukiyarta don yara su koyi aiki da ita ba. Zuwaira ta saurara har ta gama, tana cewa "Ki yi haƙuri, Hajiya" a duk inda ta samu sarari. Sannan Malam Kabiru ya karɓi wayar ya ce kamfanin zai cike gurbin daga ladan aikinsa, tallar kuma za ta kai jajibere kamar yadda aka yi alkawari. Hajiya ta ce ta ji, amma a turo mata a rubuce.

Bayan ya kashe wayar Zuwaira ta ce a riƙa cira daga alawus ɗinta. Ya girgiza kai, ya ce idan ya cire kuɗin motarta da ƙafa za ta riƙa zuwa daga Kurna, kuma ba ya son a makara masa. Abin da ya ɗora mata shi ne ta rubuta wa Hajiya takardar, daga yau kuma duk canjin kuɗi sai mutum biyu sun karanta sunan tallar da ƙarfi kafin a danna, ita ce kuma za ta riƙe littafin da za a riƙa shigar da shi.

Da la'asar ta kawo masa littafinta na makaranta domin ya sa hannu a ayyukan mako. A gurbin ranar Juma'a ta riga ta rubuta abin da ya faru cikin layi uku. Ya karanta, ya gyara mata 60,000 zuwa 60,200, ya sa hannu a ƙasa.