Jadawalin Haddar Sunayen Allah Kyawawa: Ajin Manya na Dare

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da 'yan'uwana, ga tsarin da na yi alkawari. Za mu fara ranar Litinin ta farko bayan Ƙaramar Sallah, in Allah ya yarda, mu riƙa zama Litinin da Laraba da Asabar bayan sallar Isha'i, minti 50 kowane zama. A liƙa wannan takarda a cikin bangon littafin aji.

Bara mun gwada haddar nan da rera sunayen gaba ɗaya a kowane dare. Kowa yana bin amshi lafiya lau. Amma da na ce wa mutum shi kaɗai ya faɗi abin da ke bin Al-Wasi'u, sai ya koma ya faro daga Ar-Rahmanu, ya kuma maƙale a hanya. Da na tambayi ma'anar Al-Muƙitu, aji ya yi tsit. Wasunku suka ce ai girma ne ya zo, kai ya daina ɗauka. Ban yarda da wannan ba. Tsarin ne bai dace ba: muna ta maimaita abin da muka riga muka iya, muna barin wanda ke shirin kuɓucewa. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa binciken da ya yi a kan kansa a 1885, ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne a sa'o'in farko da yinin farko, daga nan ta riƙa sassautawa. Masu bincike bayansa sun ƙara tabbatar da cewa bitar da aka rarraba a kan kwanaki ta fi wadda aka tara a zama guda daɗewa a kai. Mahaddata sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba sa wasa da tilawar baya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a riƙa bibiyar Alƙur'ani, domin ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa.

Ka'idar bita

Kowane suna za a dawo masa sau shida bayan daren da aka ɗauke shi: washegari, bayan kwana 3, bayan kwana 7, bayan kwana 14, bayan kwana 28, sai bayan kwana 56. Na zaɓi huɗun ƙarshe da gangan don su riƙa faɗowa a ranar aji. Sunan da aka ɗauka ranar Laraba, duk manyan bitocinsa ranar Laraba ne, kuma tare za mu yi su. Biyun farko ne kawai aikin gida, ga yadda suke:

Talata: na jiya Litinin, da na Asabar da ta wuce.
Alhamis: na jiya Laraba, da na Litinin.
Asabar da safe: na Laraba.
Lahadi: na jiya Asabar.
Juma'a: babu kati. A jero duk abin da aka haddace tun daga farko, sau ɗaya, cikin natsuwa.

Minti 5 sun isa, kuma bayan sallar Asuba ya fi, kafin hidimar yini ta kwashe hankali.

Abin da nake nufi da bita shi ne mutum ya ciro sunan daga kansa kafin ya kalli takarda. Kowane suna yana da kati: lamba da ma'anar Hausa a gaba, sunan da Larabci a baya. Ka dubi gaba, ka faɗi sunan da murya, ka faɗi wanda ke gabansa da wanda ke binsa, sannan ka juya. Idan ya ƙi zuwa, kada ka yi saurin juyawa. Ka dakata, ka lalubo shi. Wannan 'yar wahalar lalube ita ce ke kafa shi. Wanda ya karanta sau 20 idonsa na kan takarda zai ji kamar ya iya, amma takardar ce ta iya.

Idan sunan ya kuɓuce, ko a bita ta biyar ne, katinsa ya koma farko: gobe, sannan bayan kwana 3, har dai ya cim ma 'yan'uwansa. Ba abin kunya ba ne, ni ma ina da katunan da suka koma baya fiye da sau ɗaya. Haka kuma kada a ɗauko katin da lokacinsa bai yi ba don ana jin daɗin an iya shi. A bar shi ya ɗan yi nisa.

Rabon makonni

Suna 99, tara a mako, rukuni 11. Yawanci uku a dare.

Mako na 1: Ar-Rahmanu, Ar-Rahimu, Al-Maliku; Al-Ƙuddusu, As-Salamu, Al-Mu'uminu; Al-Muhaiminu, Al-Azizu, Al-Jabbaru.
Mako na 2: Al-Mutakabbiru, Al-Khaliƙu, Al-Bari'u, Al-Musawwiru, Al-Gaffaru, Al-Ƙahharu, Al-Wahhabu, Ar-Razzaƙu, Al-Fattahu.

Wanda ya haddace ƙarshen Suratul Hashri, aya ta 22 zuwa ta 24, ya samu sauƙi, domin sunaye 13 na farko a wannan jeren suka zo a can. Ku riƙa karanta ayoyin a nafila a waɗannan makonni.

Mako na 3: Al-Alimu, Al-Ƙabidu, Al-Basiɗu, Al-Khafidu, Ar-Rafi'u, Al-Mu'izzu, Al-Muzillu, As-Sami'u, Al-Basiru.

A nan na karya lissafin uku-uku. Malamai sun ce sunayen da suka zo tagwaye, irin Mai ƙunƙuntawa da Mai shimfiɗawa, Mai ƙasƙantarwa da Mai ɗaukakawa, tare ake ambatonsu, don cikar yabon tana cikin haɗa su. Saboda haka ba za mu raba su a dare biyu ba, kuma kati ɗaya za a yi musu.

Mako na 4: Al-Hakamu, Al-Adlu, Al-Laɗifu, Al-Khabiru, Al-Halimu, Al-Azimu, Al-Gafuru, Ash-Shakuru, Al-Aliyyu.
Mako na 5: babu sabo. Bita da gyaran furuci.
Mako na 6: Al-Kabiru, Al-Hafizu, Al-Muƙitu, Al-Hasibu, Al-Jalilu, Al-Karimu, Ar-Raƙibu, Al-Mujibu, Al-Wasi'u.
Mako na 7: Al-Hakimu, Al-Wadudu, Al-Majidu, Al-Ba'isu, Ash-Shahidu, Al-Haƙƙu, Al-Wakilu, Al-Ƙawiyyu, Al-Matinu.
Mako na 8: Al-Waliyyu, Al-Hamidu, Al-Muhsi, Al-Mubdi'u, Al-Mu'idu, Al-Muhyi, Al-Mumitu, Al-Hayyu, Al-Ƙayyumu.
Mako na 9: Al-Wajidu, Al-Maajidu, Al-Wahidu, Al-Ahadu, As-Samadu, Al-Ƙadiru, Al-Muƙtadiru, Al-Muƙaddimu, Al-Mu'akhkhiru.
Mako na 10: babu sabo. Zai faɗo daidai lokacin Babbar Sallah ko kusa da ita, amma bitar gida tana nan daram.
Mako na 11: Al-Awwalu, Al-Akhiru, Az-Zahiru, Al-Baɗinu; Al-Waali, Al-Muta'ali; Al-Barru, At-Tawwabu, Al-Muntaƙimu.
Mako na 12: Al-Afuwwu, Ar-Ra'ufu, Malikul Mulki, Zul Jalali wal Ikrami, Al-Muƙsiɗu, Al-Jami'u, Al-Ganiyyu, Al-Mugni, Al-Mani'u.
Mako na 13: Ad-Darru, An-Nafi'u, An-Nuru, Al-Hadi, Al-Badi'u, Al-Baƙi, Al-Warisu, Ar-Rashidu, As-Saburu.

Daga mako na 6 zuwa na 9 ne aka fi zamewa. Zumuɗin farko ya lafa, ƙarshe bai bayyana ba, ga sunaye masu kama da juna. Al-Majidu na mako na 7 jan muryarsa a tsakiya yake, Al-Maajidu na mako na 9 kuwa a farko. Al-Waliyyu daban, Al-Waali daban. Al-Hakamu Mai hukunci ne, Al-Hakimu Mai hikima. Idan na biyun ya zo, za mu ajiye katunansu gefe da gefe mu bambance su sau ɗaya, sannan kowanne ya koma layinsa. Ina roƙon arziki, a waɗannan makonni huɗu kada kowa ya yi fashi sai da lalura.

Yadda zaman dare zai kasance

Minti 15 na farko na bita ne, mutum biyu-biyu, ɗaya na riƙe da kati ɗaya na amsawa, sannan a yi musanya. Misali, Litinin ta mako na 13 za a tambayi na Litinin ɗin mako na 12 da na 11 da na 9. Duk dare, sabo da tsoho, ba za su haura suna 15 ba. Sai minti 25 na sababbin sunaye: furuci, ma'ana, da aya ko hadisi inda ya samu. Minti 10 na ƙarshe kowa ya rufe littafi ya biya na daren.

Ma'anar nan kada a ɗauke ta a matsayin ƙari. Hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce Allah yana da sunaye 99, ɗari ba ɗaya, wanda ya kiyaye su zai shiga Aljanna. Ibnul Ƙayyim ya bayyana cewa kiyayewar hawa uku ce: sanin lafazinsu da adadinsu, fahimtar ma'anarsu, da roƙon Allah da su, kamar yadda aya ta 180 a Suratul A'arafi ta umarta. Don haka duk daren da aka ɗauki suna, a roƙi Allah da shi kafin a kwanta. Mai neman buɗi da ya ce ya Fattahu yana sane da abin da yake faɗa, da wuya sunan ya sake ɓace masa.

Wani Alhaji a cikinku ya yi tambaya a zaman da ya gabata game da asalin jeren sunayen kansa, kuma tambayar tana kan hanya. Wannan jere ya shahara ne daga ruwayar Tirmizi, da ɗan bambanci tsakanin bugu da bugu wajen ƙirga Al-Ahadu, kuma malaman hadisi da dama suna ganin lissafo sunayen ƙari ne daga masu ruwaya, ba lafazin Annabi ba. Shi ya sa za ku ga wasu malamai sun tattaro nasu jeren daga Alƙur'ani da ingantattun hadisai. Sunayen Allah ma ba su tsaya a 99 ba, domin addu'ar da ta zo a hadisin Ibn Mas'ud ta ambaci sunayen da Ya keɓe a ilimin gaibu a wurinSa. Mun ɗauki wannan jere ne don shi ne a bakin jama'a, kuma zan yi bayani a kan kowane suna idan mun iso shi.

Iyayenmu da idanu suka yi rauni, ko waɗanda karatu bai zauna musu ba tukuna, kowa zan haɗa shi da abokin bita, kuma zan naɗi muryar sunayen kowane dare a waya, da 'yar tazara tsakanin ma'ana da suna don a samu damar amsawa kafin a ji. Wanda ya yi fashin dare ɗaya ya zo da wuri a zama na gaba mu biya masa. Wanda ya yi fashin mako guda kada ya haɗa 18 a lokaci ɗaya; ya bi aji, mu cike giɓin a mako na 5 ko na 10 ko na 14.

Katunan suna ɗauke da sunan Allah. A sa su a ambulan ko ƙaramar jaka, kada a shiga da su banɗaki, kada a bar su inda yara za su watsar. Wanda ya yage a kawo mini.

Daga mako na 14 babu sabon suna, bita kawai a farkon kowane zama, mu ci gaba da sauran darussa. Gwaji zai kasance Asabar ta mako na 17: kowa zai jero sunayen shi kaɗai, sannan in zaro kati 10 in tambayi ma'ana. Bitar kwana 56 ta rukunin ƙarshe za ta faɗo a mako na 21, daga nan jerowar Juma'a ta wadatar. Ranar Litinin kowa ya zo da biro da ambulan ɗinsa, katunan mako na 1 suna wurina.

Malamin aji