Tsakanin Hisense da Haier Thermocool, wane firji ne ba ya cin wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina zaune a Hotoro cikin Kano, mitar kati muke amfani da ita, kuma yunit ba ya jimawa. Zan canza firji, na ga guda biyu masu ƙofa biyu a kasuwar Sabon Gari, ɗaya Hisense ɗaya Haier Thermocool, girmansu kusan ɗaya. Mai shago ya nuna mini bayansu, ya ce wanda aka rubuta wa 90W ya fi mai 120W sauƙin wuta. Haka ne? Kuma me takardar nan mai launi da ake mannawa a ƙofa take nufi? — Maman Hanifa

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya sunan kamfani ba ya raba wannan gardama. Kowanne daga cikinsu yana da samfuri mai tsimin wuta, yana kuma da mai cinta, don haka firjin da ke gabanki za ki auna.

Maganar mai shago kuwa ba ta cika ba. Wat ɗin da ya nuna miki ƙarfin da firji ke ja ne a lokacin da kwamfuresa take aiki. To amma kwamfuresa ba ta kwana tana aiki: ta kunna, sanyi ya kama, ta tsaya. Mai wat 120 da ke da kaurin bango mai riƙe sanyi yana iya hutawa da yawa, mai wat 90 kuma ya wuni yana gurnani, a ƙarshen wata shi ya fi cin kati. Wat yana da amfani idan za ki ɗora firjin a kan sola ko ƙaramin janareta.

Abin da za ki nema a takardar shi ne lambar da aka rubuta wa kWh/annum ko kWh/year, wato wutar da firjin zai ci a shekara. Kowane kWh ɗaya yunit ɗaya ne a mitarki. Idan kWh/24h kika gani, na kwana ɗaya ne, sai ki ninka sau 365; 0.75 zai ba ki kusan yunit 274. Mu ɗauka ɗaya an rubuta masa 220, ɗayan 280. Bambancin yunit 60 ne, kuma ga wanda yake Band A, inda yunit ya haura naira 200, ya wuce naira 12,000 duk shekara. Ki haɗa na shekara biyar ki gwada da bambancin farashinsu a shago. Sai dai ki tabbata litocinsu sun yi kusa, har da girman ɓangaren ƙanƙara, domin shi ne ya fi jan wuta.

Taurari da haruffa suna zuwa ne bayan wannan lamba wajen muhimmanci. A takardar hukumar SON ta Najeriya, da ta Ghana, yawan taurari shi ne tsimi. Ta Turai haruffa ce, daga kore zuwa ja, kuma nan ake yawan ruɗa mutane. Tsohuwar tana da A+, A++ da A+++. Daga 1 ga Maris 2021 aka koma A zuwa G aka tsananta ma'auni, har firji mai A+ a da ya koma wajen F. Saboda haka sabon E yana iya fin tsohon A+ tsimi. Sabuwar tana da lambar QR a kusurwar sama, da ita za ki gane ta. Kuma harafin yana gwada firji ne da sa'o'insa a girma: ƙaton firji mai harafi mai kyau zai iya cin wuta fiye da ƙarami mai harafi na ƙasa.

Akwai wani abu da nake so ki duba da idonki, don mutanenmu ba su cika kula da shi ba. A ƙaramar takardar da ke bayan firjin ko cikinsa za ki ga Climate class. N an yi shi ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, ST 38, T kuma 43. Kin san Kano a watan Afrilu. Ki ɗauki mai T. Mai N zai yi ta wahala, ruwa bai yi sanyi ba, kati kuma yana tafiya. Wannan zafin ne ma zai sa wutar da firjin zai ci a gida ta ɗara ta takarda, musamman idan ana yawan buɗe ƙofa ko ana zuba zoɓo da ɗuminsa.

Idan lambobin sun zo daidai, ki fifita mai kwamfuresar inbata, wadda ke rage gudu maimakon kashewa da kunnawa. Mai narkar da ƙanƙara da kansa yana da hita a ciki, yakan ɗan ƙara ci. Idan kuma babu kWh a jikin ɗaya daga cikinsu, ki sa mai shago ya buɗe miki littafin da ke cikin kwali, ko ki turo mini lambar samfurin kowanne da hoton takardun mu lissafa tare.