Taƙaitaccen abin da aka tattauna kan ruwan unguwa, don waɗanda ba su nan

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne. Mai unguwa ya ce in tattara maganar da aka yi a gurup daga daren Litinin zuwa jiya Laraba, domin wasu suna tafiya, wasu kuma wayarsu ba ta ɗaukar saƙon murya mai tsawo. Saƙonnin sun haura 300, kuma na saurare su duka.

Matsayar da aka cimma ita ce za a sayi tankin ruwa mai lita 5,000 a girka shi a filin masallaci. Maganar haƙa foraj an ajiye ta.

A kan foraj ɗin aka fi daɗewa, shi ya sa zan faɗi dalili, kada wanda ya dawo ya sake tayar da ita. Matasa suka kawo shawarar, kuma da gaskiyarsu: sun gaji da ganin ƙannensu suna tura baro da bido tun asuba, har su makara lakwal. Amma baban nan namu da ya yi shekaru yana aikin rijiyoyi ya tuna mana cewa Damagaram a kan dutse take zaune. Shi ya sa ruwan famfon garin ma daga waje ake jawo shi, daga Gogo da Machaya a kudu, da Arunguza da Ganaram a arewa. Ya ce ana iya zuba kuɗi a haƙa mai zurfi, a tashi ba ɗigo, kuma mai haƙa ba ya maido da kuɗi. Ni ma ina ganin kuɗin talakawa bai kamata a yi kasada da shi haka ba. Daga ƙarshe matasan suka amince, da sharaɗin in an samu mai auna ƙasa bayan damina a sake dubawa.

Tankin zai riƙa cika da dare in famfo ya kawo. Ranar da bai kawo ba, a sayi ruwan sitan daga asusu.

Ga lissafin da ma'aji ya bayar: tanki jikka 400, ginin da za a ɗora shi da bututu da kan famfo jikka 150, jimla 550. Gidajen unguwa 64 ne. An cire 9, na marayu da tsofaffin da ba su da mai nema musu, kuma ba za a karanta sunayensu a gurup ba. Hajiya shugabar mata ce ta tsaya kai da fata a kan wannan, Allah ya saka mata da alheri. Sauran gidaje 55 kowanne zai ba da jikka 6, ya zama 330. Ƴan uwanmu na Yamai, Agadas da Kano sun yi alkawarin 180. Kenan saura jikka 40 da ba a san inda za ta fito ba tukuna. Mai hali ya yi magana da ma'aji.

Ana karɓar kuɗi har zuwa Laraba mai zuwa, a hannun ma'aji shi kaɗai, kuma kowa ya karɓi resi. Wanda ba zai iya biya lokaci guda ba ya biya kashi biyu, ba abin kunya ba ne. Ranar Alhamis mutum uku za su shiga Kasuwar Dole su ƙara taya farashi kafin a saya.

Abu biyu ba a gama ba. Na farko, ko za a riƙa sayar da bido a kan kuɗi kaɗan don gyara da biyan kamfanin ruwa, ko a bar shi kyauta a riƙa karo-karo duk wata. Mata sun fi son a sayar, sun ce karo-karo wata biyu yake yi ya mutu. Na biyu, wa zai riƙe makulli. An ambaci ladan, amma shi bai ce komai ba tukuna.

An ɗan yi sa-in-sa daren Talata a kan ragowar kuɗin gyaran kwalbatin bara. Ma'aji ya turo hoton littafi, Malam liman ya shiga tsakani, an yafi juna. Don Allah kada a tono ta.

Za a zauna ranar Juma'a bayan la'asar a ƙofar gidan mai unguwa don a yanke waɗannan biyun. Wanda ba zai samu zuwa ba ya turo ra'ayinsa a rubuce kafin azahar, zan karanta shi a wurin. In na tsallake maganar wani, ya sanar da ni in ƙara.