Wasiƙar Gargaɗi Kan Saka Ɗan Haya A Gidana

Assalamu alaikum Malam Sani,

Da fatan iyali lafiya. Ranar Asabar da na zo duba famfon da ya lalace sai na tarar da wani baƙo a ɗakin baya, da katifarsa da risho, ya ce kai yake biyan haya tun watan 3, wallahi abin bai min daɗi ba saboda yarjejeniyar da muka sa hannu gaban shaidu ta hana saka ɗan haya ba da izinina ba.

Na ba ka kwana 14 daga yau ya kwashe kayansa. In ba haka ba dole in kai maganar wurin lauya, kuma ba na son mu kai nan, shekara 4 muna zaman mutunci. Don Allah ka kira ni.

Mai gida,
Alhaji Musa