Takardar rantsuwa kan shekarun haihuwar 'yata Hauwa'u

A Babbar Kotun Jihar Katsina da ke zama a Funtuwa

Ni Sani Abdu, namiji, Musulmi, ɗan Najeriya, tela ne ni, ina zaune a Tudun Wada cikin garin Funtuwa, na rantse da Allah cewa abin da zan faɗa a nan gaskiya ne.

1. Ni ne mahaifin Hauwa'u Sani, wadda a gida ake ce mata Jummai, mahaifiyarta ita ce maiɗakina Rabi.

2. An haife ta ranar Juma'a 7 ga watan Mayu 2010, da asuba, a gidanmu na gado, a ɗakin Inna mahaifiyata. Ba mu je asibiti ba gaskiya, naƙudar ta taso da tsakar dare ne, kafin in samo mai mota har ta sauka, ungozomar unguwa ce ta karɓi haihuwar ta yanke cibi, ita ma ɗin Allah ya yi mata rasuwa tuni.

3. Dalilin da ya sa ranar ba ta ɓace mini ba, shugaban ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu ran Laraba 5 ga wata, ran Alhamis muka cika mota muka tafi Katsina jana'iza, na dawo a gajiye ko takalmi ban gama cirewa ba Inna ta ce maza in kira ungozoma. Washegari Juma'a aka haihu, shi ya sa ma Jummai ta bi ta. Ranar Juma'a 14 ga wata aka raɗa suna.

4. A lokacin ban yi mata rijista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ba, sakacina ne, ban ɗauka takardar za ta yi amfani haka ba. Katin rigakafi da muke da shi kuma ruwa ya ci shi shekarar da rufin ɗaki ya zuba.

5. Da aka sa ta firamare an rubuta mata 1 ga Janairu 2009, ba ni na ba da wannan ba, kintata kawai aka yi don tana da tsawo. Ta 2010 ɗin ita ce daidai.

6. Ina wannan rantsuwa ne don a ba ta takardar haihuwa, ta samu lambar NIN, tunda ba a rijistar JAMB sai da ita.

7. Na yi ta da hankalina, ba wanda ya tilasta ni, kuma na san rantsuwa kan ƙarya laifi ne a doka, balle a wurin Allah.

Mai rantsuwa: Sani Abdu

An yi rantsuwar a ofishin rijistara na kotun, a gaban kwamishinan rantsuwa, yau Litinin 12 ga Janairu 2026.