Gyaran aikin gida: raba 1 + 5i da 2 − 3i, da mayar da amsar siffar polar

Ga ɗaliban ajin tarminal C da D masu shirin bak a nan Damagaram. Wannan gyara na hoton shafin kaye ne da ɗayanku ya turo. An ce a lissafa z = (1 + 5i)/(2 − 3i), a ba da modil da argiman ɗinta, sannan a sa ɗigonta M a zane.

Rabawar ta yi daidai, kuma ga yadda take. Ana ninka sama da ƙasa da konjige na lambar ƙasa, wato 2 + 3i, don a kori i daga ƙasan.

Sama: (1 + 5i)(2 + 3i) = 2 + 3i + 10i + 15i² = −13 + 13i
Ƙasa: (2 − 3i)(2 + 3i) = 2² + 3² = 13
Ke nan z = −1 + i

Ku lura da ƙasan nan. Da yawa sukan rubuta 4 − 9 = −5, saboda sun manta i² = −1 ne. Lamba in an ninka ta da konjigenta, a² + b² take bayarwa, ba ta taɓa sauka ƙasa da sifiri. Duk wanda ya ga −5 a wurin, ya tsaya ya koma baya.

Modil ba wuya: |z| = √((−1)² + 1²) = √2, kimanin 1,41.

A argiman ne aka yi tuntuɓe. A hoton an rubuta tan θ = 1/(−1) = −1, aka danna kalkuleta ta ba da −45, sai aka kammala da θ = −π/4. Alhali zanen da ke ƙasan shafin, wanda hannu ɗaya ya zana, yana faɗin wani abu dabam. An sa M gida biyu hagu da O, gida biyu sama, tunda ma'aunin 1 gida biyu ne na kaye, wato santimita ɗaya. Ɗigon yana sama ta hagu. Kusurwar −45° kuwa ƙasa ta dama take nunawa, inda 1 − i yake, kishiyar z ɗinmu. Zanen ya yi gaskiya, lissafin ne ya kauce.

Dalili shi ne maɓallin tan⁻¹ ba ya ba da amsa sai tsakanin −90° da 90°. Bai san ko 1/(−1) aka ba shi ko (−1)/1 ba, duk −1 yake gani. Saboda haka duk lokacin da ɓangaren reyel ya kasance ƙasa da sifiri, sai an ƙara 180°: −45° + 180° = 135°. Hanyar da ta fi tsabta a takardar jarrabawa ita ce a nemi kosinis da sinis tare:

cos θ = −1/√2 = −√2/2
sin θ = 1/√2 = √2/2

Kusurwa ɗaya ce tak a zagaye guda ta cika sharuɗɗan biyu, θ = 3π/4. Amsar ita ce:

z = √2 (cos 3π/4 + i sin 3π/4)

Haka kuma ana rubuta ta √2·e^(3iπ/4). In kalkuleta tana kan RAD, −0,785 za ta nuna a madadin −45, kuma amsar gaskiya 2,356 ce. A dubi allon tun kafin a danna, DEG ne ko RAD.

Akwai abu biyu da zanen ya rasa. Ba a ja layin OM ba, kuma ba a sa bakan kusurwa ba. A ja bakan daga layin kwance na dama, ya juya saɓanin tafiyar hannun agogo har ya iske OM. Zai wuce layin tsaye da 45°, ido ma ya ga 135° ne. A aza rula kan OM, za a samu kusan santimita 1,4. Hoton an ɗauke shi a karkace, shi ya sa kusurwar ta yi kamar ta matse, don haka gidajen kaye na ƙirga, ban auna kan hoton ba. Nan gaba a shimfiɗa kayen, a riƙe wayar daidai samansa, inuwa kada ta rufe alamun ragi.

Kafin a miƙa takarda, a gwada amsar ta wata hanya. Modil na sama √26, na ƙasa √13, rabonsu √2. Argiman na 1 + 5i kimanin 78,69° ne, na 2 − 3i kuwa −56,31°, kuma a rabawa cirewa ake yi: 78,69° − (−56,31°) = 135°. Mai kuskuren −5 zai samu modil kusan 3,68, nan take ya gane da matsala. Mafi sauri duka, a ninka amsar da lambar ƙasa: (−1 + i)(2 − 3i) = −2 + 3i + 2i + 3 = 1 + 5i.

Na ranar Litinin: ku fara da (−5 − i)/(3 − 2i). Ku sa ɗigon a zane kafin ku taɓa kalkuleta, ku ba da argiman tsakanin −π da π.